Batirin Sodiyam: Abin da Ɗan Kasuwa Zai Duba Kafin Ya Zuba Jari

JALINGO — A unguwar Turaki da ke birnin Jalingo, kamar a sauran biranen Arewa, mai shagon da ke son firjinsa ya kwana da sanyi bayan an ɗauke wuta yana da zaɓi biyu: batirin dalma mai ruwa, wanda aka saba da shi, ko batirin litiyam mai tsada. Yanzu masana'antun ƙasar Sin sun fito da na uku, wato batirin sodiyam. Wannan darasi zai bayyana yadda yake aiki, da inda ya sha bamban da na litiyam, da lissafin da ya kamata a yi kafin a saye shi.

Sodiyam sinadari ne da ke cikin gishirin miya da kuma kanwa. Yadda batirinsa ke aiki daidai yake da na litiyam. A cikin kowane ɗan gida na batirin akwai faranti biyu da wani ruwan sinadari a tsakaninsu. Idan ana caji, ƙwayoyin sodiyam kan bar farantin farko su ratsa ruwan su maƙale a na biyu. Idan aka kunna fitila ko fanka, sai su koma inda suka fito, kuma wannan komawar ce ke tura wutar lantarki ta cikin waya.

Bambancin ya faro ne daga girman ƙwayar. Ƙwayar sodiyam ta fi ta litiyam girma, ta kuma ninka ta nauyi fiye da sau uku. Don haka ba ta shiga girafait, wato baƙin ma'adinin nan na bakin fensir, wanda ake yin faranti na biyu da shi a batirin litiyam. A maimakonsa ana amfani da wani gawayi mai tauri, wanda ake samu ta hanyar gasa abubuwa irin su ɓawon kwakwa da wuta mai tsananin zafi. Sakamakon haka, batirin sodiyam ya fi na litiyam girma da nauyi idan wutar da suke ɗauka ɗaya ce. Wanda kamfanin CATL na Sin ya gabatar a watan Yulin 2021 yana ɗaukar wat-awa 160 a kowane kilo, wanda ya sanar a watan Afrilun 2025 da sunan Naxtra kuma 175. Batirin litiyam na wayar hannu ya haura 200, na dalma kuwa tsakanin 30 ne da 40.

Fa'idarsa tana wajen kayan haɗi. Ana samun sodiyam a kusan ko'ina, kuma galibin ire-iren batirin ba sa buƙatar kobal. Sannan ana shimfiɗa farantansa biyu a kan alminiyam, alhali na litiyam sai da jan ƙarfe a gefe guda. Wannan ya sa ana iya juye wutarsa ƙarƙaf a yi jigilarsa ba tare da ya lalace ba. Yana kuma jure tsananin sanyi, sai dai wannan fa'ida ta mutanen ƙasashen ƙanƙara ce, ba ta Jalingo ba.

Arhar kayan haɗi ba ta nufin arhar batiri kai tsaye. An yi rububin sodiyam ne lokacin da farashin tan guda na sinadarin litiyam ya kusa yuwan 600,000 a Sin a watan Nuwamban 2022. Zuwa ƙarshen 2023 farashin ya faɗo kusan yuwan 100,000, batirin litiyam nau'in LFP ya yi sauƙi, ribar da ake hange ta ragu. Kamfanin Natron Energy na Amurka, mai ƙera batirin sodiyam, ya rufe a watan Satumban 2025. Haka kuma gishirin da aka daɗe ana dafawa a Akwana da Arufu da ke yankin Wukari ba zai zama batiri ba sai an sarrafa shi zuwa sinadari mai tsabta ƙwarai a masana'anta.

Inda batirin ya fi dacewa shi ne wurin da nauyi ba matsala ba ne. A shekarar 2024 an buɗe wata tashar ajiyar wuta ta batirin sodiyam a Qianjiang da ke lardin Hubei na Sin, mai ɗaukar megawat-awa 100. Ana kuma sa shi a ƙananan motoci da babura masu gajeren zango. A nan gida, wuraren da suka yi kama da haka su ne shagunan sola, gidajen ƙanƙara, rumfunan cajin waya da turakun sadarwa. Ba shi da gurbi a wayar hannu.

Babbar matsalar da mai saye zai iya cin karo da ita ita ce ta inbata. Ƙarfin wutar gida guda na batirin LFP yakan tsaya kusa da bolt 3.2 har ya kusa ƙarewa. Na sodiyam kuwa, a yawancin ire-irensa, yana gangarowa sannu a hankali daga kusan bolt 4 zuwa 1.5.

A ɗauki misalin mai shagon lemo a Turaki wanda firji da fankoki da fitilunsa ke cin wat 500, yana kuma son su yi awa takwas da dare. Buƙatarsa kilowat-awa 4 ke nan, kuma idan aka haɗa da kimanin kashi 10 cikin 100 da inbata ke cinyewa, sai batiri ya ba da kusan 4.4. Batiran dalma huɗu masu bolt 12 da amfiya-awa 200 suna ɗaukar 9.6, amma rabi kawai ake sha idan ana son su yi ƙarko, wato 4.8. Batirin LFP mai gida 16 yana ɗaukar 5.1, ana iya shan kusan 4.6. Duka biyun sun wadatar.

Batirin sodiyam mai gida 16 da amfiya-awa 100 yana ɗaukar kusan 5 a takarda. Sai dai ƙarfinsa yana tashi ne daga bolt 24 zuwa 64, alhali yawancin inbatocin bolt 48 da ke kasuwa kan kashe kansu a wajajen bolt 42, ba sa kuma caji har 64. Ke nan batirin ba zai cika sosai ba, kuma inbata za ta tsaya da sauran wuta a cikinsa. Idan abin da aka rasa ya kai kashi ɗaya cikin biyar, saura 4, wanda bai kai 4.4 ba, firjin zai mutu kafin asuba. Alamar wannan cikas ita ce inbata ta yi ƙarar ƙarewar wuta alhali ma'aunin jikin batirin yana nuna da saura. Laifin ba na batiri ba ne, rashin dacewa ne.

Saboda haka mai saye ya nemi a rubuta masa abu uku: ƙaramin bolt da babban bolt na batirin, don ya gwada da na inbatarsa, yawan wutar da zai iya sha a tsakanin waɗannan iyakoki, da adadin cajin da kamfani ya lamunta a takardar garanti. Sai ya ninka wutar da ake sha da adadin cajin, ya raba farashi da abin da ya samu. Wannan ne kuɗin kowane kilowat-awa a tsawon rayuwar batirin. Idan ya yi wa na dalma da na LFP irin wannan lissafi, wanda ya fi ƙaramin adadi shi ne mai arha, ko da kuɗinsa na ranar saye ya fi yawa.