Na Toshe Layina, Me Ya Sa WhatsApp Ɗina Bai Mutu Ba?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Zongon Kwatano. Wayata ta faɗi a kan zemijan ina dawowa daga Dantokpa. Washegari na sa aka toshe layin, amma ƙanena ya ce saƙonnin da yake turawa WhatsApp ɗina suna shiga har yanzu. Ta yaya haka ke faruwa, kuma yaya zan fitar da wanda ya tsinci wayar?

Amsa: Allah Ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Ka yi daidai da ka toshe layin, domin ka hana mai wayar karɓar lambobin sirrin da ake turowa ta gajeren saƙo. Sai dai layi daban, zaman da wayar ke yi a cikin asusunka daban.

Ka san yadda mai masauki ke yi a Zongo. Ranar da baƙo ya sauka ne ake tambayarsa ko shi wane ne, sannan a miƙa masa mabuɗin ɗaki. Daga nan ba mai sake tare shi a ƙofa. Haka WhatsApp yake. Ranar da ka fara buɗe shi ya turo lamba shida zuwa layinka, da ka shigar sai ya ajiye wa wayar mabuɗinta a ciki. Bayan haka ba ruwansa da layin. Ko an zare shi, muddin wayar ta samu intanet ta wata hanya, saƙonni za su ci gaba da shiga. Wannan ne ƙanenka ya gani.

Maganin shi ne ka karɓe mabuɗin. Ka ɗauki katin shaidarka ka je ofishin kamfanin layinka, MTN ne ko Moov Africa ko Celtiis, su ba ka sabon kati mai tsohuwar lambarka. Ka sa shi a wata waya, ka buɗe WhatsApp da lambar, ka shigar da lamba shida ɗin da za su turo. Lamba ɗaya babbar waya ɗaya take ɗauka, don haka da ka shiga, waccan ta fita. Idan aka nemi wata lambar sirri wadda ba kai ka sa ba, mai yiwuwa wanda ya tsinci wayar ne ya sa ta. Kada hankalinka ya tashi: shi an riga an fitar da shi, kai kuma za ka jira kwana 7 ka shiga ba tare da ita ba.

Saura ƙananan mabuɗai. WhatsApp yana yarda a haɗa na'urori har 4 da babbar waya, misali kwamfutar shagon buga takardu da ka taɓa haɗawa don a fitar maka da rasit, ka tafi ba ka rufe ba. Ka shiga Linked devices, ko Appareils connectés idan wayarka da Faransanci take. Za ka ga kowace na'ura da lokacin da aka yi amfani da ita na ƙarshe. Wadda ba ka gane ba, ka taɓa ta, ka danna Log out. Gaskiya ne suna fita da kansu idan babbar waya ta wuce kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, amma mako biyu ya ishi wani ya roƙi abokan cinikinka kuɗi da sunanka.

Kada ka manta da asusun Google. A wayar ƙanenka ka buɗe android.com/find, ka shiga da adireshinka. Idan wayar tana kan intanet za ka iya kulle ta ko ka goge duk abin da ke cikinta. Ka fara yin wannan tukuna, sannan ka je myaccount.google.com, sashen Security, ka nemi Your devices, ka zaɓi wayar, ka danna Sign out, ka kuma canza kalmar sirri. Idan ka ga sunan wani gari a jerin, kada ka yi saurin zargi, domin wurin kintace ne daga hanyar da intanet ta bi. Samfurin wayar da lokacin su ne abin dubawa. Da ka gama, ka fitar da asusunka daga wayar ƙanen naka ma.

Abu ɗaya ne fitar da waya ba ya yi: ba ya goge abin da ya riga ya sauka a cikinta. Hotunan rasit da ke ajiye suna nan, sai makullin allo ko gogewa daga nesa ne za su kare su. Don haka sabuwar wayar, ka sa mata makullin allo tun ranar farko, kuma ka kunna Two-step verification a WhatsApp da lambar da ba ka faɗa wa kowa ba.