Kiɗa ya rusuna, magana ta fita: ga masu haɗa sanarwar rediyo

Mafi yawan sanarwar da ake haɗawa domin ƙauyukan Attantané da kewayen Mayahi da Tasawa ana gwada ta ne da babban abin sauraro na sawa a kunne, cikin ɗaki shiru. Amma mai saurare yana jin ta ne a ƙaramar rediyo mai batir da ke rataye a reshen gawo, ko a lasifikar salula, ga iska, ga sautin daka. A nan ne kiɗan da ya yi daɗi a ɗakin haɗawa yake cinye ranar rigakafi da sunan garin da za a taru. Aikina haɗa sauti ne, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin gyaransa ba ya buƙatar ko dala.

Dabarar ita ce sunkuyar da kiɗa: muryar mai magana ce ke ba da umarni, da ta fara sai kiɗa ya sauka, da ta gama sai ya dawo, kamar yadda makaɗin kalangu ke sassauta hannu idan maroƙi ya ɗauki kirari. A manhajar Audacity, wadda kyauta ce, sunan abin `Auto Duck`. Layin kiɗa ya zauna a sama, layin murya a ƙarƙashinsa kai tsaye, a zaɓi kiɗan kaɗai, sannan a kira `Auto Duck`. Wanda ya juya jerin zai sunkuyar da muryar ne.

Ga wani aiki da ya zo hannuna. Wata ungozoma ce daga wani ƙauye na gundumar Attantané aka ɗauki muryarta da salula a tsakar gida, tana kiran iyaye mata su kai yara awo, za a ɗora ta kan kiɗan gurmi. Na fara daidaita ƙarfin muryar da `Normalize` zuwa -3 dB, na saki `Auto Duck` da lambobin da ya zo da su. Kiɗan ya sauka tun daga farko bai sake ɗagowa ba. Dalili yana cikin `Threshold`, wato iyakar ƙarfin da manhajar ke ɗauka a matsayin magana, wanda yake -30 dB. Da na auna wuraren da ta yi shiru, hucin iska da ƙugin injin niƙa na maƙwabta sun kai wajen -26, don haka manhajar ta ɗauka har yanzu magana ake yi. Na ɗaga iyakar zuwa -22, sama da hayaniyar, ƙasa da muryarta.

Sai matsala ta biyu ta fito. Baiwar Allah tana magana a natse, tana tsayawa daƙiƙa ɗaya da rabi tsakanin jimla da jimla, alhali `Maximum pause` daƙiƙa ɗaya ne. Duk numfashin da ta ja, sai gurmi ya yunƙuro ya koma. Kunne yana gajiya da wannan hawa da sauka, ya bar bin zancen. Na mayar da `Maximum pause` daƙiƙa biyu, kiɗan ya kwanta har ta kai aya. Ga inda na tsaya:

```
Duck amount: -18 dB
Outer fade-down length: 0.5
Outer fade-up length: 1.0
Threshold: -22 dB
Maximum pause: 2.0
```

Rabin daƙiƙar nan ta sauka kada a rage ta. Ita ke sa kiɗa ya riga ya yi ƙasa kafin baki ya buɗe, kalmar farko ta fita ɗungum. Ragin -12 dB da manhajar ke zuwa da shi kuwa, a ganina bai isa ba ga rediyonmu. Tashoshi da yawa suna da na'urar matse sauti kafin eriya, wadda ke ɗago abin da ya yi ƙasa, sai tazarar da ka bari tsakanin murya da kiɗa ta tsuke. Ka'idar W3C ta sauƙaƙa sauraro ma tazarar 20 dB ta nema.

Akwai abin da lambobi ba sa gyarawa. Goge da algaita suna kuka ne a daidai zangon da baƙaƙen magana suke, inda kunne ke raba "s" da "ts", kuma ƙaramar lasifika wannan zangon take fitarwa fiye da kowane. Waƙa mai baiti ta fi muni: bakuna biyu na Hausa a lokaci guda, mai saurare zai bi wadda ya haddace. Ina zaɓar kiɗa zalla mai taushi, waƙar kuma in bar ta a buɗewa da rufewa.

Kafin ka miƙa wa tasha sanarwar ko ka tura ta WhatsApp, sa ta a salula mafi araha da ke kusa, ka fita waje, ka ba wanda bai ga rubutun ba ya saurara daga taku biyar. Tambaye shi rana, wuri da lokaci. Idan ya ce a maimaita, koma ka ƙara rage kiɗan da 3 dB.