Kafin Alƙalami Ba Ya Riƙe Rumfa

Ranar buɗe baje kolin amfanin gona da muka yi bayan kaka, ina tsaye bakin ƙofa da taswirar fili a hannu, sai ga a-kori-kura daga wani ƙauye da ke bayan Dambatta. Mata shida ne, 'yan ƙungiyar masu ƙuli-ƙuli, da jarkokin man gyaɗa har sama. Shugabarsu, dattijuwa ce, ta ce mini, “Ɗana, nuna mana rumfa ta 7.”

Rumfa ta 7 kuwa kwana tara ke nan da ba wa wani mai sayar da iri.

Ga yadda aka yi. Sun zaɓi ƙaramar rumfa, mita 3 sau 3, naira 40,000, da ƙarin 10,000 saboda a kan kwana take kusa da ƙofa. Suka ba da rabi kafin alƙalami, aka rubuta musu a rasit cewa a kawo ciko mako biyu kafin buɗewa. Da suka haɗa cikon ran Lahadi bayan kasuwar Dambatta, sai suka danƙa wa wani ɗan kamasho da ya ce musu shi na gida ne a wajenmu. Kuɗin bai iso ba. Na buga lambar da ke kan fom ɗinsu sau huɗu, ashe tasa ce! Kullum sai ya ce, “Gobe, Yallaɓai.”

Na ce, “Baba, ina rasit na biyu?” Sai ta miƙo mini takardar littafin makaranta da sa hannunsa. Wallahi raina ya ɓaci, har na rasa wa zan yi wa faɗa.

Mutane na ɗauka wa'adi mugunta ce. Da jerin waɗanda suka cika kuɗi nake gaya wa kafintoci rumfa nawa za su kafa, da shi mai janareta yake lissafin nauyin wuta. Ko a babban baje kolin da KACCIMA ke shiryawa a titin Gidan Zoo a Kano, fili iyaka gare shi, balle namu. In wa'adi ya wuce, na bayanka a layi zan kira.

Kada ka biya ta hannun kowa. Rasit in babu lambar rumfa da girmanta, takarda ce kawai. A fom kuma lambar wayarka za ka sa, taka ta kanka, ba ta mai kai ka ba. Ka auna kayanka kafin ka zaɓi girma; mai injin casa ya daina karɓar 3 sau 3 don araha, ya dawo yana cin hanyar mutane. Na sake faɗa: kada ka biya ta hannun kowa.

Matan nan dai a layin ƙarshe na samar musu wuri, kusa da janareta, inda hayaƙi yake kora mai saye. Rabin man suka koma da shi gida. Shi kuwa ɗan kamashon, har muka tashi wayarsa a kashe take.