Kafin ka sa hannu a takardar garatuti, ƙirga watanninka

Aikina lissafin haƙƙin masu ritaya ne, kuma yawancin waɗanda ke kawo mini takardunsu a Zariya tsofaffin ma'aikatan tarayya ne, wasu daga Samaru, wasu 'yan reluwe na Sabon Gari. Abin da na lura shi ne, idon kowa kan jimlar kuɗin da ke ƙasan takarda yake sauka. Alhali jimlar daga abu biyu take fitowa, shekarun aiki da albashin ƙarshe na shekara, kuma a nan ne kuskure yake ɓuya.

Ina magana ne a kan tsohon tsari, wanda ya samo asali daga dokar fansho ta 1979, wanda hukumar PTAD ke biyan masu shi a yau. Jadawalinsa ba shi da wuya. Wanda ya cika shekara 10 yana da garatuti kashi 100 cikin 100 na albashinsa na shekara, da fansho kashi 30. Kowace shekara da ta ƙaru tana ƙara 8 a garatuti da 2 a fansho, har zuwa shekara 35, inda ake tsayawa a 300 da 80. A ƙasan jadawalin akwai wata ƙa'ida da mutane ba su cika karantawa ba: ragowar da ta haura wata shida, shekara guda ce cur.

Ga takardar wani dattijo da ɗansa ya kawo mini, na dai zagaye alƙaluman don sauƙin bi. An ɗauke shi aiki ranar 1 ga Nuwamba 1973, ya yi ritaya ranar 31 ga Mayu 2006. Shekara 32 ke nan da wata bakwai, wato 33 a idon doka. Albashinsa na ƙarshe naira 600,000 a shekara. Daga 10 zuwa 33 akwai shekara 23, saboda haka garatutinsa kashi 284 ne, naira 1,704,000. Fanshonsa kuwa kashi 76, naira 456,000 a shekara, 38,000 a wata.

Takardar biyan ta ce 1,656,000 da 37,000. Ban tsaya tantama ba, sai na raba 1,656,000 da 600,000, ya ba ni 2.76. Kashi 276 na mai shekara 32 ne. Wanda ya yi lissafin ya watsar da wata bakwai ɗin. Wannan rabawar kowa zai iya yin ta a wayarsa: idan sakamakon ya faɗa kan wata shekara da ba taka ba, matsalar ta shekaru ce, idan kuma bai dace da kowane layi na jadawalin ba, to a binciki albashin da aka ɗora lissafin a kai, ko wani bashi da aka cire ba a bayyana ba.

Ɗan ya ce mini, "Malam, dubu ɗaya ce fa kawai a wata." Na ce masa dubu 48 ta tafi a garatuti, sannan dubu ɗayar nan ba ta tsaya dubu ɗaya ba. Ƙarin kashi 33 na 2010 a kan fanshon da mutum yake karɓa aka ɗora shi, don haka giɓin ya girma tare da ƙarin, kuma zai bi Baba har ƙarshen rayuwarsa.

Sauran kurakuran da nake yawan gani guda biyu ne. Wani lokaci akan fara ƙirga daga ranar da aka tabbatar da ma'aikaci maimakon ranar da aka ɗauke shi, shekara biyu su salwanta haka nan. Wani lokaci kuma takardar ƙarin girma ta ƙarshe ba ta shiga fayil ba, sai a yi lissafi da tsohon mataki.

Wanda ya yi ritaya a sabon tsarin adashi na 2004, kada ya ɗora wannan jadawali a kan abin da kamfanin fanshonsa ya ba shi, ba za su dace ba. Shi abin dubawarsa shi ne ranar ɗaukar aiki, ranar haihuwa, da matakin da aka rubuta masa na watan Yuni 2004, domin da su ake ƙimanta haƙƙinsa na shekarun baya.

Idan ka gano giɓi, rubuta koke, ka nuna lissafinka layi-layi, ka haɗa da kwafin takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma ta ƙarshe, ta ritaya da takardar albashin watan ƙarshe. Riƙe na asali a gida, kuma kada ka bar ofis sai an buga wa kwafinka hatimin karɓa da kwanan wata.