Kumburin aiki da canjin da aka amince da shi: yadda rajistar canji ke raba su

Darasinmu na yau ya shafi duk wanda ya fara karɓar aikin haɗa manhaja ko shafin intanet, da wanda yake shirin ba da irin wannan aiki. Za mu duba abin da ke sa aikin wata guda ya koma na wata biyu alhali kuɗin bai ƙaru ba. Idan ka rubuta `scope creep` a Google, wannan matsalar za ka gani. A nan za mu kira ta kumburin aiki.

Kumburin aiki shi ne aiki ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan ba tare da an zauna an daidaita lokaci da kuɗi ba. Shi ma canjin da aka amince da shi ƙari ne a kan aiki, kuma yana iya fin wancan girma nesa ba kusa ba. Don haka girma ba shi ne ke raba su ba. Abin da ke raba su shi ne wannan: kafin a taɓa aikin, an lissafa kwanakin da zai ci da kuɗin da zai ci? Kuma mai ikon yanke hukunci ya ga lissafin ya yarda a rubuce? Idan an yi haka, canji ne da aka amince da shi. Idan ba a yi ba, kumburi ne, ko da kuwa shawarar mai kyau ce.

Sai da iyaka ake gane ƙari

Mu ɗauki misali. Mu ce wani mai shagon atamfa da leshi ya ba ka aikin manhajar Android, kuka rubuta abubuwa huɗu da za ta ƙunsa: jerin kaya da hoto da farashi, kwandon saye, tura oda zuwa WhatsApp ɗin shago, sai shafin da mai shago zai riƙa saka sababbin kaya. Kuka daidaita a kan kwanakin aiki 30 da naira 600,000, wato kowace rana ta tashi a kan naira 20,000.

Wannan rubutu shi ne iyakar aikin, kuma da shi ake auna duk abin da zai zo daga baya. Idan abin da kuka rubuta kawai shi ne "manhajar sayar da kaya", to babu ma'auni, domin duk abin da ya faɗo wa mai shago a rai zai iya cewa yana ciki. Yana da kyau a ƙara layi guda na abubuwan da ba sa ciki, misali babu biyan kuɗi ta cikin manhaja, kuma babu ta iPhone.

Canjin da ya bi hanya

Ana cikin mako na biyu sai mai shago ya ce yana so mutane su riƙa biya ta cikin manhajar, ta hanyar Paystack. A wurinsa maɓalli ɗaya ne za a ƙara. Kai kuwa ka san aikin ya wuce haka. Ba a ajiye maɓallin sirri na Paystack a cikin manhajar waya, domin ana iya warware manhajar a ciro shi. Dole a samu saba wadda za ta tabbatar cewa kuɗin ya shiga kafin a ɗauki odar a matsayin wadda aka biya. Haka kuma kowace oda yanzu tana buƙatar matsayi, an biya ko ba a biya ba, kuma sai shafin mai shago ya nuna hakan.

Sai ka lissafa: kwana 2 na haɗa shafin biya, kwana 2 na saba da matsayin oda, kwana 1 na gwaji, har da gwada abin da zai faru idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar biya. Kwana 5 ke nan, naira 100,000. Ka tura masa saƙo kamar haka: "Alhaji, biyan kuɗi ta manhaja zai ƙara kwana 5 da naira 100,000, aikin zai koma kwana 35 da naira 700,000. Idan kun amince, ku turo min da amsa in fara." Ya rubuto cewa ya amince. Daga wannan lokaci iyakar aikin ta matsa, kuma ku duka biyu kun san inda ta tsaya.

Ƙananan buƙatun da ke cinye riba

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Ƙanen mai shago ya turo saƙon murya cewa a saka wurin neman kaya da suna, ka ga kwana 1 ne kawai sai ka yi. Yaron shago ya ce ai atamfa ɗaya tana zuwa kala-kala, a bar mai saye ya zaɓi launi. Wannan ya fi yadda ake zato nauyi, domin yana taɓa wurare huɗu: rumbun bayanai, kwandon saye, saƙon odar da ke tafiya WhatsApp, da shafin saka kaya. Ya ci kwana 2. Sai lambar rangwame ta lokacin salla, kwana 1 da rabi. Sai a sa manhajar ta yi Hausa da Turanci, kwana 2. Sai sauya launukan manhaja su dace da sabon tambarin shago, rabin rana.

Kowanne daga cikinsu ƙarami ne, shi ya sa ake jin nauyin yin maganar kuɗi a kansa. Amma haɗa su ka gani, kwana 7 ne, wato aikin naira 140,000 da babu wanda ya biya. Aikin kwana 35 ya zama na 42, kuɗin ranarka ya sauko daga naira 20,000 zuwa kusan 16,700. Mai shago kuma yana nan yana jiran kayansa a rana ta 35, domin bai ma san ƙanensa ya nemi wani abu ba. Idan ka matsa don cika alkawari, kwanakin gwaji ne za su tafi, sai manhajar ta fita da kurakurai. Shi ma mai ba da aikin ya yi asara ke nan.

Kumburi yana iya fitowa daga wurin mai haɗa manhajar ma. Idan ka ƙara yanayin duhu ko wani ado da babu wanda ya nema, lokacin aikin ka ci, kuma ka ƙara abin da sai an gwada.

Yadda ake tsara rajistar canji

Rajistar canji jadawali ne guda da ake shigar da kowace buƙata kafin a yi ta. Google Sheets a wayarka ya isa, sai ka ba mai aikin damar gani. Kada a haɗa ta da fayil ɗin `CHANGELOG.md` da ake gani a GitHub. Shi wancan yana faɗin abin da aka riga aka sauya a kowane sabon fitowar manhaja, ita kuwa wannan tana riƙe da buƙata tun kafin a yanke mata hukunci. Ga yadda ta misalinmu za ta kasance:

| Lamba | Rana | Wa ya nema | Buƙata | Kwanaki | Kuɗi | Hukunci |
|---|---|---|---|---|---|---|
| C-01 | 10 ga Maris | Mai shago | Biya ta Paystack | 5 | 100,000 | An amince |
| C-02 | 13 ga Maris | Ƙanensa | Neman kaya da suna | 1 | 20,000 | An amince |
| C-03 | 14 ga Maris | Yaron shago | Zaɓin launi | 2 | 40,000 | An amince |
| C-04 | 18 ga Maris | Ƙanensa | Lambar rangwame | 1.5 | 30,000 | An ɗage |
| C-05 | 20 ga Maris | Ƙanensa | Harshe biyu | 2 | 40,000 | An ƙi |
| C-06 | 24 ga Maris | Mai shago | Sauya launuka | 0.5 | 0 | An amince |

A taka rajistar, ka ƙara gurbi na ƙarshe inda za ka rubuta ranar da aka yanke hukunci, tare da hoton saƙon amincewar.

Dokokin aiki da ita uku ne. Ta farko, kowa na iya neman canji, amma mutum ɗaya ne ke yanke hukunci, kuma tun ranar farko ake faɗin ko wane ne. A nan mai shago ne, tunda shi ke biya. Ta biyu, ba a fara rubuta lambar manhaja sai gurbin hukunci ya nuna an amince. Ta uku, ko abin da ka yi kyauta sai ka shigar da shi. Dubi C-06, kuɗinsa sifiri ne amma rabin ranar da ya ci tana nan a rubuce.

Don ganin jimillar kwanakin da aka ƙara, idan kwanaki suna gurbin E hukunci kuma yana G, rubuta wannan a wani gurbi na daban:

```
=SUMIF(G:G,"An amince",E:E)
```

Zai ba ka 8.5. Aikin ya koma kwana 38 da rabi, kuɗin kuma naira 760,000. Ka lura cewa buƙatun ba su sauya ba. Abin da ya sauya shi ne mai shago ya ga farashin kowace, sai ya zaɓi waɗanda suka cancanta da kansa. Idan kuma ranar miƙa aiki ba za ta matsa ba, akwai musanya: a shigar da sabon abu, a fitar da wani mai nauyi irin nasa daga jerin farko, a rubuta duka biyun.

Idan kana amfani da Git, riƙa saka lambar canjin a saƙonka:

```
git commit -m "C-03: zabin launi a kwandon saye"
```

Duk sabon abin da ya shiga manhajar, ba ya cikin jerin farko kuma ba shi da lamba, kumburi ne ya kutso.

Gyaran kuskure ba canji ba ne

Ba kowace buƙata ce ke jawo ƙarin kuɗi ba. Idan kwandon saye yana haɗa lissafi ba daidai ba, kuskure ne a cikin abin da ka yi alkawari, gyaransa a wuyanka yake. Tambayar da za ka yi ita ce: rubutun farko ya ce manhajar za ta yi wannan? Idan ya faɗa kuma ba ta yi, gyara ne. Idan bai faɗa ba, canji ne, sai ya bi ta rajista. Wanda ke cajin kuɗi a kan kurakuransa zai sa mai aikin ya daina yarda da rajistar gaba ɗaya.

Inda rajistar ke gazawa

Rajistar da aka cike bayan an gama aiki ba ta hana komai, tarihi kawai ta zama. Alamar hakan ita ce ka ga abu yana aiki a manhajar amma gurbin hukuncinsa babu komai. Haka kuma ba ta gyara kiyasi mara kyau. Idan ka rubuta kwana 1 a kan zaɓin launi saboda allon waya kawai ka duba, ka manta da rumbun bayanai, amincewar ba za ta biya ka ranar da ta ɓata ba. Kafin ka faɗi adadi, jera duk wuraren da canjin zai taɓa, ka haɗa da gwaji.

Sannan ka riƙa duba jimillar. A misalinmu kwana 8 da rabi a kan 30 ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na aikin farko. Idan ƙarin ya kai haka, ko da duk an amince da shi, ya dace ku tsayar da karɓar sababbi, ku kammala abin da ke hannu, sauran irin su C-04 su jira zango na biyu da tasa yarjejeniyar.