Shekarar Haihuwar Mawaƙi: Darasi Daga Binciken Wata Ɗaliba

Wata ɗaliba ta zagaya ɗakunan karatu a Zariya da Kano tana neman shekarar haihuwar wani mawaƙin ajami da aka manta. Littattafai uku sun ba ta 1880. Da ta duba, sai ta gano biyu sun kwafo ne daga na farkon, shaida ɗaya ke nan.

In kana irin wannan bincike, nemi rubutun hannu, ka duba ƙarshen waƙa. Malamai kan ɓoye shekarar Hijira cikin ramzi, haruffa a madadin lambobi. Amma ka kula, shekarar kammala waƙar ce, ba ta haihuwa ba. Wajen juyawa zuwa Miladiyya kuma, misali, 1300 ta Hijira ta faɗa tsakanin 1882 da 1883, don haka rubuta duka biyun.