Haɗa Ƙasa Domin Tsire-tsire Masu Ajiye Ruwa

Akwai waɗansu tsire-tsire masu ajiye ruwa a jikinsu. Mun san ƙerana da tinya da karan masallaci, masu ajiye ruwa a kara. Mun san zabo, mai ajiye ruwa a ganye. Akwai kuma murtsunguwa, wadda asalinta daga ƙasashen Amirka aka kawo ta.

A daji, sau da yawa mukan tarar da irin waɗannan a kan tudu ko a tsakanin duwatsu. Ko an yi ruwa mai yawa, ba ya kwanciya a wurin. Saiwarsu ta saba da ta sha maza-maza, sa'an nan ta bushe. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. In ƙasa ta daɗe jiƙe, ruwa ya cika 'yan ƙofofin da iska ke bi, sai saiwa ta ruɓe. Saboda haka a cikin tukunya yawan ruwa ya fi kashe su, ba ƙishi ba. Aikinmu shi ne mu haɗa ƙasa wadda ruwa zai ratsa ya wuce.

Kayan haɗi

Abu 3 muke bukata: ƙasar lambu, da yashi, da tsakuwa.

Ƙasar lambu ita ke ba tsiro abinci, ta kuma riƙe ɗan laima. Mu ɗebo ta sama-sama, mu shanya ta, mu farfasa, mu tankaɗe da rariya, mu fid da ciyawa da tarkace. Kada mu sa ɗanyen taki, domin yana riƙe ruwa, yana kuma kawo ruɓa.

Yashi kuwa sai mai kaushi, irin na rafi, wanda muke jin ƙwayarsa in mun murza a hannu. Rairayi mai laushi, irin wanda iska ke tarawa gindin danga, ba zai yi ba. Shi sai ya shiga 'yan ƙofofin ƙasa ya toshe su. In ya gamu da yumɓu ya bushe, sai ya daskare kamar tubali. In yashin yana da ƙura, mu zuba shi a bokiti, mu sa ruwa, mu juya, mu tsiyaye. Mu yi ta yin haka har ruwan ya yi haske.

Tsakuwa ita ke buɗe hanyar ruwa da iska. Girmanta ya zama daga ƙwayar dawa zuwa ƙwayar wake. In babu tsakuwa kusa, sai mu daddaka tsingaro ko marmara, mu tankaɗe, mu zubar da garin, mu ɗauki tsakin.

Awo

Awon ba wuya: ƙasa 1, yashi 1, tsakuwa 1. Kowane ma'auni muka ɗauka, ko kwano ko gwangwani, da shi za mu auna duka.

Ga misali. Muna da zabo, muna kuma da tukunyar ƙasa wadda ke cin kwano 6. Sai mu auna ƙasa kwano 2, yashi kwano 2, tsakuwa kwano 2. Duka sun zama 6. Mu zuba a kan buhu, mu juya da hannu tun suna bushe, har ko'ina muka damƙa mu ga duka ukun a ciki.

Amma ƙasa ba iri ɗaya ba ce. In tamu ta fadama ce, mai danƙo, sai mu rage ta: ƙasa kwano 1, yashi 2, tsakuwa 3. In ta jigawa ce, ai tana da rairayi tun asali, sai mu rage yashi: ƙasa kwano 2, yashi 1, tsakuwa 3. Ku duba, kowanne dai 6 ne.

Gwaji

Kada mu dasa sai mun gwada. Gwaji iri 2 ne.

Na fari, mu yayyafa wa haɗin ruwa kaɗan, mu dunƙula a hannu, sa'an nan mu buɗe hannun. In ya wargaje, ko ya rushe da mun taɓa shi da yatsa, ya yi. In ya tsaya dunƙule kamar curin fura, ƙasa ta yi yawa. Sai mu ƙara tsakuwa.

Na biyu, mu cika tukunya da haɗin, mu kwarara ruwa kwano 1, mu fara ƙirga. Ya kamata ruwan ya nutse, ya soma ɗiga ta ƙasa kafin mu kai 30. In ya tsaya a sama kamar kududdufi, sai mu juye, mu ƙara tsakuwa da yashi, mu sāke gwadawa.

Tukunya da dashe

Lalle tukunya ta kasance da huda a gindi, wadda babban yatsa zai shiga. In babu huda, kome kyaun haɗi banza ne. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba da gwangwani, gama tana tsatsafo, tana saurin bushewa. Mu ɗora tsingaro guda a kan hudar don kada ƙasa ta zube.

Waɗansu sukan shimfiɗa tsakuwa mai yawa a gindin tukunya, su zuba ƙasa zalla a kai. Wannan ba ya taimako. Ruwa ba ya saurin sauka daga ƙasa mai laushi zuwa cikin tsakuwa, sai ya tsaya a bisanta, daidai wurin saiwa. Amfanin tsakuwa a gauraya ta.

Mu dasa tsiron daidai zurfin da yake a da, kada mu binne gindin ganye. Mu baza 'yar tsakuwa a sama kewaye da shi. Kada mu ba shi ruwa sai bayan kwana 7, domin saiwar da ta karye ta warke tukuna. In ƙerana ko tinya muke dasawa, mu yi hankali da farin ruwansu. Yana ƙona fata, yana kuma yi wa ido mummunan lahani. Mu wanke hannu da sabulu da mun gama.

Yadda za mu gane ɓarna

Kafin ban ruwa, mu soka tsinke har gindin tukunya. In ya fito da laima, mu dakata. In ya fito bushe, mu ba da ruwa sosai har ya ɗiga ta ƙasa. Da damina, musamman a watan Agusta, mu janye tukunya daga bakin indararo, mu ɗora ta bisa duwatsu.

In ganye ya yi siriri ya yanƙwane, ƙasa kuma a bushe, ƙishi ne, ruwa zai gyara. Amma in ganyen ƙasa ya yi rawaya ya yi laushi, gindi ya yi baƙi yana wari, ruɓa ce. Kada mu ƙara ruwa. Mu tumɓuke tsiron, mu yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa mai tsabta, mu ajiye shi a inuwa kwana 4 ko 5 har yankan ya bushe. Sa'an nan mu dasa shi cikin sabon haɗi mai tsakuwa fiye da na da.

Tambayoyi

1. Don me saiwa take ruɓewa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa?
2. Mene ne bambancin yashi da rairayi?
3. Tukunya tana cin kwano 9. Ƙasa kwano nawa za mu auna, yashi nawa, tsakuwa nawa?
4. In haɗi ya tsaya dunƙule a hannu, me za mu ƙara?

Aiki

Kowa ya kawo ƙasar gidansu gwangwani 1 ran aji na gaba. Za mu haɗa, mu gwada, kowa ya rubuta awonsa a littafinsa.